Saƙon da ka tura ya fi wanda ka gani tsawo

*Tambaya: Ina aiki a sashen saye-saye na wata makaranta mai zaman kanta. Shugabarmu ta amince da sayen kayan sola ta imel, ta ce in sanar da ɗan kwangilar. Na danna Forward a kan saƙonta na tura masa daga waya. Washegari sai ga shi ya kira yana ambaton kuɗin da muka ware, har da farashin da abokin takararsa ya ba mu. Ni layi biyu kawai na gani a saƙon. Ta ina ya ga sauran, kuma me ya kamata in yi yanzu?*

Malam, a cikin saƙon naka ya gani. Ba kutse ya yi muku ba, ba kuma wani ne a ofis ya tsegunta masa ba. Idan ka buɗe akwatin Sent a kwamfuta, ka nemo abin da ka aika, ka gangara ƙasan layi biyun nan na shugabarku, za ka tarar da maganar da kuka yi tun daga farko tana nan jere, kowace da sunan mai ita da adireshinsa da ranar da ya rubuta.

Dalilin yana cikin yadda aka gina imel. Duk lokacin da mutum ya danna Reply, manhajar tana kwafe saƙon da yake amsawa ta liƙa shi a ƙarƙashin amsarsa. Wanda ya amsa masa shi ma manhajarsa ta kwafe duka biyun. Haka abin yake tafiya har saƙo na shida ya zama yana ɗauke da biyar ɗin da suka gabace shi a cikin jikinsa. Waɗannan kwafe-kwafen ba wasu saƙonni ne daban da ke zaune a wani wuri ba, rubutu ne kawai a cikin saƙon ƙarshe, daidai da layi biyun da shugabarku ta rubuta. Don haka wanda aka tura wa saƙon ƙarshe ya samu duka. A ma'aikatun gwamnati, idan babban sakatare ya sa hannu, wasiƙa ake bugawa a kai wa mai nema. Ba a miƙa wa masinja fayil ɗin gaba ɗaya da duk bayanan da jami'ai suka rubuta wa juna a ciki a ce ya kai masa. Forward fayil ɗin yake kaiwa.

Abin da ya sa ba ka gani ba shi ne manhajojin imel suna naɗe tsohon rubutu don kada ya cika maka allo. A Gmail, rubutun da ka riga ka karanta a cikin jerin yana ɓuya a bayan ɗigo uku da ke ƙasan saƙo, sai ka danna su zai buɗe. Kai da ka bi maganar tun farko, manhajar tana nuna maka sabon abu ne kaɗai. Ɗan kwangilar kuwa bai taɓa ganin ko ɗaya ba, saboda haka a wurinsa komai sabo ne, yana iya karantawa daga sama har ƙasa. Waya tana ƙara dagula lamarin, domin allon ƙarami ne, maɓallan rubutu sun cinye rabinsa, kuma ba kowa ne yake gangarawa kafin ya aika ba. Akwai ma wani ƙarin: idan saƙo ya yi tsawo ya wuce kimanin 102KB, Gmail yakan datse shi ya rubuta [Message clipped], sai mutum ya danna View entire message zai ga ragowar. Datsewar a ido ce kawai, rubutun yana nan.

Ina jin WhatsApp ne ya koya wa yawancinmu wannan sakacin. A can idan ka tura saƙo gaba, shi kaɗai yake tafiya da alamar Forwarded a kansa, babu sunan wanda ya fara rubutawa, babu hirar da ta gabace shi. Mutum ya saba da haka shekara da shekaru, sai ya zo imel ya ga kalma iri ɗaya ya ɗauka aiki iri ɗaya take yi.

Tunda ba jerin naku ne a gabana ba, bari in tsara wanda ya yi kama da shi, mu bi shi daga ƙasa zuwa sama yadda ɗan kwangila mai wayo zai karanta.

A ce saƙon farko na akanta ne zuwa gare ka da shugaba: an ware naira miliyan 9 domin sola, kada a wuce haka. Na biyu naka ne: ka samo farashi biyu, wannan ɗan kwangilar ya ce miliyan 7.8, ɗayan ya ce miliyan 8.4, kuma ka sa lambar wayar ɗayan don shugaba ta kira shi idan tana so. Na uku malamin da ke kula da wutar makaranta ne ya rubuta, ya ce ya ji batiran da mai arahar ya sa a wani wuri ba su yi shekara ba, a sa masa ido. Na huɗu akanta ne kuma, yana cewa ba zai zo ranar Alhamis ba domin zai kai maiɗakinsa asibiti a duba ta kan ciwon suga, idan biyan ya taso a nemi mataimakinsa. Na biyar naka ne, ka sa linkin wata jaka a Google Drive inda takardun farashin suke. Na shida shi ne na shugaba: na amince, a sanar da shi.

Dubi abin da mutumin ya samu a kyauta. Ya san akwai naira miliyan 1.2 tsakanin farashinsa da abin da kuke da shi, kuma ya san ko ya ƙara dubu 500 yana ƙasa da abokin takararsa. Kada ka yi mamaki idan nan da kwana biyu ya ce dala ta tashi ko kuɗin mota ya ƙaru. Wannan asarar makaranta ce, kuma ita ce ta fi saurin bayyana, shi ya sa ita ka fara lura da ita. Amma ni sauran ne suka fi damuna, domin su na mutanen da ba su san an tura ba ne. Ɗan kwangila na biyu ya ba ku farashinsa ne bisa amana, yanzu yana hannun abokin hamayyarsa tare da lambar wayarsa. Malamin wuta ya faɗi ra'ayinsa ga mutum uku da ya yarda da su, yanzu wanda ya soka ya san sunansa da adireshinsa, kuma shi ne za su yi aiki tare a kan rufin makaranta. Akanta ya ambaci ciwon iyalinsa ne don ya nemi uzuri a wurin shugabarsa, ba don wani ɗan kasuwa ya sani ba.

Nan ne ainihin matsalar take. Kowane saƙo a cikin jerin an rubuta shi ne da sanin su wane ne za su karanta a lokacin. Mutum yana auna maganarsa da fuskokin da ke gabansa. Idan aka ƙara mai karatu daga baya, an sauya wa duk waɗanda suka yi magana a baya masu sauraro ba tare da an tambaye su ba, kuma ba su da hanyar janye abin da suka faɗa. Shugabarku ta ba ka izinin isar da amincewarta. Ba ta da ikon ba da izini a kan maganar akanta ko ta malamin wuta, kuma ba ta ma yi nufin haka ba.

Bayan rubutun da mutane suka yi da hannunsu, akwai abin da manhaja take sakawa da kanta. A saman duk saƙon da aka tura za ka ga irin wannan:

```
---------- Forwarded message ---------
From:
Date:
Subject:
To:
Cc:
```

Outlook ma yana yin haka, kuma shi a kan kowane tsohon saƙo yake maimaita From da Sent da To da Cc. Wannan ya ishi baƙo ya zana tsarin ofishinku: wa ke riƙe da kuɗi, wa ke amincewa, wa ake sanyawa a Cc don ya sani kawai. Ka haɗa da sa hannun da ke ƙasan kowane saƙo, wanda yawanci yake ɗauke da muƙami da lambar wayar mutum ta kansa. Ɗan kwangilar ku wataƙila mutumin kirki ne, ba zai yi komai da wannan ba. Sai dai saƙon yanzu yana zaune a akwatinsa, kuma tsaron akwatinsa ba a hannunku yake ba. Idan wani ya shiga imel ɗinsa, ko yaronsa ya tura wa wani, mai damfara ya samu duk abin da yake buƙata: sunan aikin, adadin kuɗin, sunan mai biya, da ranar da akanta ba ya nan. Damfarar da ake yi da irin wannan sananniya ce. Sai a buɗe adireshi mai kama da na ɗan kwangilar, harafi ɗaya ne ya bambanta, a kwafo tsohon jerin a liƙa a ƙasa don ya zama kamar ci gaban magana, a rubuta wa mataimakin akanta ranar Alhamis cewa an sauya lambar asusu. Tsohon jerin da ke ƙasa shi ne yake sa mutum ya yarda, domin yana ganin maganganun da ya san na gaskiya ne. Saboda haka tun yanzu ka gaya wa sashen kuɗi: duk saƙon da ya zo da sabuwar lambar asusu a kan wannan aikin, a kira ɗan kwangilar a lambar da kuke da ita tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Sai linki. Wannan mutane ba sa ɗaukarsa a bakin komai domin layi ɗaya ne shuɗi. Idan jakar Drive ɗin nan an saita ta a kan Anyone with the link, to duk wanda linkin ya isa gare shi ya shiga, ba a tambayarsa ko shi wane ne. Kuma ba abin da ke ciki ranar da ka tura kaɗai zai gani ba, har da duk abin da za ku zuba a ciki nan gaba. Haka linkin taron Zoom, wanda sau da yawa kalmar sirrin taron tana cikin jikinsa bayan `?pwd=`. Haka linkin sauya kalmar sirri ko na shiga wani shafi kai tsaye, idan wa'adinsa bai ƙare ba. Takardun da aka maƙala su ma suna da nasu halin: Reply ba ya ɗaukarsu, Forward yana ɗauka. Idan a saƙon da ka tura akwai takardar Excel, ka tuna tana iya samun shafuka da yawa, wasu ma a ɓoye, kuma mai karɓa yana iya buɗe su. A ofisoshinmu irin waɗannan takardun ne suke ɗauke da jerin albashi, lambobin asusu masu lamba 10, da BVN da NIN masu lamba 11.

Akwai hanyoyi biyu da suka fi Forward na kullum haɗari, kuma an fi faɗawa cikin na farko. Shi ne a danna Reply all, a ƙara sunan sabon mutum a Cc, a rubuta "na sa wane a ciki". Sakamakon ɗaya ne da tura masa jerin gaba ɗaya, sai dai a nan tsohon rubutun yana naɗe a bayan ɗigo ukun a lokacin da kake rubutu, don haka babu abin da zai tuna maka yana nan. Kuma daga ranar, duk wanda ya sake danna Reply all yana magana ne a gaban baƙon, ko ya lura ko bai lura ba. Na biyu shi ne Forward all na Gmail, wanda ke cikin jerin zaɓin da ke saman hirar. Shi ba saƙon ƙarshe yake ɗauka ba, yana tattara duk saƙonnin da ke cikin hirar a akwatinka. A ce a tsakiyar maganar akanta ya amsa maka kai kaɗai, ya ce shugaba tana son ba wannan mutumin aikin ne don ɗan garinsu ne. Wannan reshen bai shiga cikin saƙon shugaba ba, ita ba ta ma gan shi ba, amma Gmail ya ajiye maka shi a hira ɗaya domin kan maganar ɗaya ne. Forward all zai kwashe har da shi.

Kada kuma a ɗauka wanda aka tura wa ba ya cutuwa. A ranar 8 ga Yunin 2016 Donald Trump ƙarami, ɗan Donald Trump mai neman shugabancin Amurka a lokacin, ya tura wa Jared Kushner, surukin mahaifinsa, da Paul Manafort, shugaban yaƙin neman zaɓen, wani jerin imel, abin da ya rubuta a sama gajeren bayani ne cewa an mayar da ganawar gobe ƙarfe huɗu a ofishinsa. A can ƙasan jerin kuwa akwai saƙon Rob Goldstone, wanda ya shirya ganawar, da ke cewa akwai bayanan da za su ɓata abokiyar takarar Trump, Hillary Clinton, a matsayin wani ɓangare na goyon bayan da gwamnatin Rasha ke ba Trump. Da jerin ya fito fili a watan Yulin 2017, tambayar da aka riƙa yi ita ce ko mutanen biyu sun karanta har ƙasa. Duk abin da yake cikin akwatinka ana iya ɗauka ka san da shi, ko da layin sama kaɗai ka duba.

To me za ka yi yanzu? Janye saƙon ba zai yiwu ba, gara ka cire rai. Undo Send na Gmail jinkirta aikawa kawai yake yi na daƙiƙa 5, 10, 20 ko 30, gwargwadon yadda ka saita, bayan nan saƙon ya tafi. Recall na Outlook yana aiki ne tsakanin mutanen da ke ma'aikata ɗaya a kan Microsoft 365 ko Exchange, ba ya isa akwatin wani na waje. Goge saƙon daga Sent naka kuwa bai taɓa kwafin da ke wurinsa, illa ma ya raba ka da shaidar abin da ya fita. Kada ka goge.

Fara da karanta abin da ka aika, a kwamfuta, daga ƙasa zuwa sama, kana rubuta duk abin da bai kamata ya fita ba da sunan mai shi. Daga nan ka rufe abin da yake rufuwa: ka mayar da jakar Drive zuwa Restricted, ka sauya duk kalmar sirrin da ta bayyana, ka sake sabon linkin taro idan akwai. Wannan aikin mintoci ne kuma shi kaɗai ne ɓangaren da yake hannunka gaba ɗaya. Sai ka je wurin shugaba da bakinka, da takardar da ka rubuta, kafin ta ji daga wurin ɗan kwangila. Akanta da malamin wuta su ma suna da haƙƙin su sani, musamman malamin wuta, don kada ya je ya haɗu da mutumin bai san an karanta maganarsa ba. Ɗan kwangilar kuma a rubuta masa sabon saƙo, ba amsa a kan tsohon ba, a ce an aika masa bayanan cikin gida bisa kuskure, ana roƙon ya goge kada ya tura wa kowa, ya kuma tabbatar a rubuce. Ba za ka iya tabbatar da ya goge ba. Amfanin takardar shi ne ta nuna an sanar da shi, kuma idan bayanin ya ɓulla a wani wuri an san inda za a fara tambaya. Batun farashi kuwa na shugaba ne: idan yana da takardar farashi da ya sa wa hannu, a riƙe shi a kanta.

Idan a Najeriya kake, akwai ɓangaren doka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta ɗauki bayyana bayanan mutum ga wanda bai kamata ba a matsayin keta, ko da bisa kuskure ne. Ta kuma ware wasu bayanai a matsayin masu tsananin muhimmanci, ciki har da na lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa. Idan ketar tana iya jefa haƙƙin mutane cikin haɗari, ma'aikata ce ke da alhakin sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 daga lokacin da ta sani. Ba kowane kuskuren imel ne yake kai wannan matakin ba, kuma farashin kwangila ba bayanin mutum ba ne a ma'anar dokar. Amma idan ka tarar da jerin albashi, ko BVN, ko bayanan ɗalibai da iyayensu a cikin abin da ya fita, maganar ta wuce a yi shiru, kuma ba kai kaɗai za ka yanke hukunci ba. Shi ya sa sanar da shugaba yau ya fi gobe, domin agogon ya fara tafiya. Nijar tana da hukumar HAPDP, Gana kuma tana da dokarta tun 2012, kowace da nata sharuɗɗan.

Game da gaba, ni shawarata ta fi wadda ake yawan bayarwa tsauri. Ana cewa ka danna Forward sannan ka goge abin da ba ka so. Ni na fi son ka juya abin: idan saƙo zai fita daga cikin ma'aikata, ka buɗe sabo fil, ka rubuta abin da mutumin yake buƙata da kalmominka, ka maƙala takardar da ta shafe shi kaɗai. Bambancin yana wurin mantuwa. Mai gogewa idan ya manta wani abu, abin ya fita. Mai sabon saƙo idan ya manta wani abu, sai dai a kira shi a tambaya. A misalin da na tsara, abin da ɗan kwangilar yake buƙata jimla biyu ce: makaranta ta amince da farashinka na miliyan 7.8, ka zo ranar kaza a sa hannu. Idan yana son shaidar amincewar ta fito daga sama, shugaba ta rubuta masa da kanta ko a ba shi wasiƙa mai hatimi.

Idan dole sai an tura, to ka bar gurbin To babu kowa har sai ka gama, don kada yatsa ya riga ka. Ka buɗe duk abin da yake naɗe, ka karanta daga ƙasa, domin abin da ya fi haɗari yawanci yana can a farkon magana, lokacin da mutane kaɗan ne kuma kowa ya saki jiki. Ka duba kan saƙon shi ma, don sau da yawa yana ɗauke da sunan mutum ko wata kalma ta cikin gida tun daga ranar farko. Ka share duk saƙon da ba a buƙata gaba ɗayansa, da layukan Cc da sa hannun mutane. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba: ka shiga cikin jimlar wani ka gyara ta sannan ka bar sunansa a kai. Cire saƙo gaba ɗaya kare sirri ne, sauya kalmomin mutum ƙirƙira masa magana ce, kuma asalin yana nan a akwatinsa ranar da za a kwatanta. Idan ka cire wani abu daga tsakiya, ka rubuta a wurin cewa an cire saƙonnin cikin gida. Wannan duk aikin kwamfuta ne. A waya gogewa tana da wuya, kuma ba ka da tabbacin ka kai ƙarshen rubutun.

Masu amfani da tsohon Outlook na kwamfuta suna iya rage tarin tun daga tushe. A File, sai Options, sai Mail, ƙarƙashin Replies and forwards akwai zaɓin Do not include original message ga amsa. Yana da amfani, amma abokan aiki sukan yi ƙorafi domin amsa tana zuwa ba a san me take amsawa ba. Abin da na ga ya fi ɗorewa a ofis shi ne al'ada: maganar cikin gida a hira ɗaya, maganar da ake yi da na waje a wata hirar mai kan magana daban, kuma ba a haɗa su. Uzurin rashin lafiya da lambar asusu da kalmar sirri kuma ba a jefa su a tsakiyar jerin aiki. Akanta da ya aika uzurinsa a saƙo na daban zuwa ga shugaba kaɗai, da kuskurenka bai taɓa iyalinsa ba. Confidential mode na Gmail yana cire wa mai karɓa maɓallin turawa da na kwafa, amma ba ya hana ɗaukar hoton allo, don haka kada a dogara da shi fiye da kima.

Akwai lokutan da cikakken jerin shi ake so, kuma yanke shi laifi ne. Idan masu binciken kuɗi suka nemi yadda aka ba da kwangila, ko lauyan makaranta yana shirya ƙara, ko kana kai rahoton saƙon damfara ga mai kula da kwamfutocinku, to ba a taɓa komai. A nan ma Forward na kullum bai isa ba, domin rubutun da ke ƙasa kowa yana iya gyara shi, ba ya tabbatar da komai. Abin da ake amfani da shi shi ne Forward as attachment, wanda yake aika saƙon a matsayin fayil, `.eml` a Gmail, tare da dukkan bayanan da ke ɓoye a kansa: na'urorin da ya bi ta kansu, lokutan, da lambar shaidarsa. Wannan cikar ita ce kuma haɗarinsa. Ba za ka iya cire komai daga ciki ba, kuma idan kwafin da ke Sent naka ka tura ta wannan hanyar, sunayen waɗanda ka aika wa a ɓoye ta gurbin Bcc suna iya tafiya tare da shi. Don haka wannan hanyar ta mai bincike ce da lauya. Wasiƙun da ke tsakaninku da lauyan kuwa kada su shiga kowane jerin da zai je waje, domin kariyar sirrin da doka ta ba su tana iya raunana idan ku da kanku kuka miƙa su ga wani.